Neman aikin farko a Birtaniya daga Kano: abin da albashi yake yankewa

"Assalamu alaikum Yaya. Na samu lambarka a zauren tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Na karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero, na gama bautar ƙasa, shekaruna 25. Shin kamfanonin Birtaniya suna ɗaukar nauyin bizar masu fara aiki? Akwai wani dillali a nan Kano da ya ce zai samo mini takardar ɗaukar nauyi idan na biya shi."

Wa'alaikumussalam ƙanina. Ina fatan kana lafiya, da su Baba da duk mutanen gida.

Suna ɗauka, amma ba kasafai ba, kuma abin da yake yanke hukunci shi ne albashin da aka rubuta a tallan aikin. Bizar da kake magana a kai sunanta Skilled Worker. Tun daga 22 ga Yuli, 2025, mafi ƙarancin albashin da gwamnati take amincewa da shi a kanta shi ne fam 41,700 a shekara, ko kuma farashin da aka yanka wa sana'ar mutum, wato albashin da gwamnati ta ƙayyade wa wannan sana'a, duk wanda ya fi yawa a cikin biyun. Galibin ayyukan masu farawa ba sa kai wannan adadi, shi ya sa za ka ga kamfani ya yaba da takardunka amma ya ce ba zai iya kawo ka ba.

Shekarunka sun ba ka wani rangwame da ya kamata ka fahimta da kyau. Wanda bai cika shekara 26 ba a ranar da ya shigar da takardar neman biza ana lissafa shi a sabon shiga, sai a sauko masa zuwa fam 33,400, ko kashi 70 cikin ɗari na farashin sana'arsa, nan ma wanda ya fi yawa. Farashin masu rubuta manhaja fam 54,700 ne, kashi 70 ɗinsa kuwa kusan fam 38,300. Ke nan idan ka ga tallan ƙaramin mai rubuta manhaja a Manchester da albashin fam 30,000, kada ka ɓata darenka wajen cike shi, domin ko manajan yana ƙaunarka doka ba za ta bar shi ba. Idan ka ga na fam 39,000, wannan zai wuce a yau, amma ranar da ka cika 26 kana Kano rangwamen ya tafi, sai an biya ka cikakken farashi. Shi kansa rangwamen iyakarsa shekara huɗu, bayan nan dole albashin ya hau.

Kafin ka nemi kowane aiki, shiga gov.uk, shafin gwamnatin Birtaniya, ka nemo Register of licensed sponsors, wato jerin kamfanonin da suke da lasisin ɗaukar nauyi, ka sauke jerin, ka duba sunan kamfanin, ka kuma tabbata an rubuta Skilled Worker a gabansa. Wanda ba ya ciki ba shi da ikon kawo kowa a halin yanzu. Kasancewa a ciki ma izini ne kawai, ba alkawari ba ne, saboda haka ka tambayi mai ɗaukar ma'aikata tun a wasiƙar farko ko wannan gurbin yana cikin waɗanda suke ɗaukar nauyinsu.

Maganar dillali kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ka ba shi ko sisi, kuma kada a sayar da fili ko gonar gida saboda shi. Takardar ɗaukar nauyin da ya ce zai samo maka, wadda ake kira Certificate of Sponsorship, ba takarda ba ce da ake ajiyewa a durowa ana sayarwa; lamba ce da kamfanin da ya ɗauke ka yake fitarwa da sunanka a na'urar ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, bayan ya yi maka ganawa, kuma shi doka ta ɗora wa biyan kuɗinta. Yawancin dillalan nan aikin kula da tsofaffi suke tallatawa, alhali an rufe ɗauko sababbin masu wannan aiki daga waje tun Yulin 2025. Na ga waɗanda suka iso kafin rufewar suka tarar babu aikin, aka soke lasisin kamfanin, suka koma kwana a falon 'yan'uwa ga bashi yana jiran iyayensu a gida.

Shawarata ita ce ka nema yanzu, amma a manyan kamfanonin da suka cika sharuɗɗan nan biyu na albashi da lasisi kaɗai, kana kuma riƙe da aiki a Kano, Abuja ko Legas, domin ƙwarewar shekara uku ko huɗu ita ce take kai mutum ga albashin da ba ya buƙatar rangwame. Ka turo mini takardar tarihin aikinka da watan haihuwarka, in duba maka guraben da suka dace da lokacin da ya rage maka.