Kyautar da za a kai wa masta a ofis

Salam Goggo, ina wuni, ya ƙafar taki. Sabis ɗina na bautar ƙasa a nan Ghana ya kusa ƙarewa, saura wata biyu, kuma an ce mutum biyu kawai za a riƙe cikin mu shida, mastan mu ne zai zaɓa. Mutumin kirki ne, Asante ne kirista, ya koya min aiki sosai. Babbar sallah ta matso ina son in ba shi wani abu na godiya, ƙawata ta ce turare mai tsada, wata ta ce yadin kente ko kawai in tura masa kuɗi ta waya, wato momo. Me ya dace a al'ada Goggo? Ina tsoron kar a ce toshiyar baki ce.

Wa alaikumus salam 'yata, lafiya lau, ƙafa da sauƙi alhamdulillah. Gara da kika tambaya tun ba ki kashe kuɗinki ba, domin duk ukun da ƙawayenki suka faɗa miki ba ko ɗaya da zan yarda ki kai masa a wannan wata biyun, bari in faɗa miki dalili.

Mu a gida kin san ba duk abin da aka miƙa wa mutum ake kira kyauta ba. In kin dawo daga tafiya kin kawo, tsaraba ce. In an aiko yaro da abu kin ba shi ɗan wani abu, tukwici ne. Saurayi ya kai wa budurwa, toshi. Wanda na ƙasa yake ɗauka ya kai wa na sama kuwa, sarki ko maigida, sunansa gaisuwa, kuma tun kakanninmu mai kai gaisuwa ya san abin da yake nufi, a tuna da ni ranar rabo. A fadar sarkin Zongo wannan ba laifi ba ne, kowa na gani, a gaban jama'a ake ajiyewa. Amma ofis ba fada ba ce, mutumin nan kujerar da zai raba ba tasa ba ce, amana aka ba shi ya zaɓi mutum biyu cikin shida bisa aiki. To duk abin da ya fito daga hannunki ke kaɗai zuwa hannunsa shi kaɗai kafin ya yanke wannan hukuncin, ko ke kin kira shi godiya, sauran biyar ɗin gaisuwa za su kira shi, kuma ba su yi ƙarya ba. Shi ya sa ni a wurina lokacin da aka ba da abu ya fi abin kansa nauyi.

Wannan ba a littafi na karanta ba, a jikina na gani. Lokacin da nake aikin taifin a wani kamfani nan Adum, ana saura kamar kwana goma a fitar da sunayen ƙarin girma, na je kasuwa na sayo wa manajanmu batakari saƙar hannu, mai ratsin baƙi da fari, kusan rabin albashina ya tafi. Wallahi zuciyata ɗaya, ya taimake ni lokacin da baffanki ke kwance asibiti, yana ba ni izinin fita ba ya yanke min kuɗi. Na naɗe a takardar siminti mai tsabta na jira kowa ya tashi na shiga na ajiye masa. Washegari da safe masinja ya zo ya ajiye min ƙunshin a kan teburina gaban mutane, ko buɗewa ba a yi ba, ya ce masta ya ce ya gode amma ba yanzu ba. Har yau in na tuna sai in ji zafi a fuskata. Sunana ya fito cikin waɗanda aka ƙara wa girma, da guminna na samu, amma shekara biyu ana ce min mai batakari a bayan ido. Kuskurena biyu ne, na kai a lokacin da yake riƙe da alƙalami a kaina, kuma na jira sai da ofis ya watse. Shi kansa na sa shi a tsaka mai wuya, in ya karɓa a ce an saye shi, in ya mayar ya kunyata ni.

Kin san hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya aika karɓo zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, aka ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa ko ubansa ya gani ko za a kawo masa. Ki auna da wannan. In da mastan naki ba shi ne mai zaɓar ba, da za ki sayo masa kente yanzu? In kuma ofishinku na gwamnati ne to maganar ta wuce ta kunya, dokar laifuka ta Ghana ta 1960 ta kama mai bayarwa da mai karɓa duka, har abin da aka karɓa a ɓoye bayan an gama aikin ana iya ɗaukarsa cin hanci, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, na karɓar ƙorafi irin wannan. Kamfanoni da yawa su ma suna da nasu ƙa'idar a rubuce, wani wurin akwai littafin da ake rubuta duk kyautar da ta shigo, ki tambayi ta HR ɗinku ko sakatariyarsa, ba abin kunya ba ne.

Momo ki cire shi kwata-kwata. Kuɗi daga ƙasa zuwa sama ba shi da wani suna mai kyau, ga sunanki ga lambarki ga ranar duk a rubuce cikin wayarsa.

Turare kuma matsalarsa daban ce, kuma ita ce ta fi damuna. Ke budurwa ce shi magidanci. Duk abin da yake taɓa jikin namiji, turare, singileti, agogo, takalmi, man shafawa, wannan hurumin matarsa ne. Zai shiga gida da ƙamshin da ba ita ta saya ba, ta tambaya, ya ce yarinyar sabis ce ta ba ni, kin ga kin shiga bakin matar da ba ki taɓa gani ba. Ko kuma shi ya fassara abin da ba ki nufa ba, mutumin kirki ne kin ce, to ki bar shi a kirkinsa kar ki buɗe ƙofar da rufe ta zai yi miki wuya. Mu turare a wurinmu sunna ce, muna ba malamai da iyaye ba komai, amma a ofis a Accra ba haka ake karanta shi ba. Kente ma kusan haka, ga tsada, saƙar Bonwire ta gaske ta fi ƙarfin alawus ɗinki nesa ba kusa ba, kuma su Asante zanen kente yana da suna da ma'ana, ba a ɗauko shi haka kawai. In kyauta ta fi ƙarfin aljihun mai bayarwa kowa sai ya tambaya me take nema. Ni ma'aunina in ke kaɗai ce, kar ya wuce abin da kike samu a kwana ɗaya ko biyu.

To ga abin da za ki yi, kuma Allah ya kawo miki shi a sauƙaƙe tunda sallar layya ce. Nama. Duk Ghana an san musulmi na rabon naman sallah, maƙwabtanmu kiristoci a Aboabo tun kafin a sauko idi suke tsokanarmu ina namu, ba wanda zai ce don me. Amma ba masta kaɗai ba, ofis gaba ɗaya. Ki ƙirga ku nawa ne har da kilina da direba da mai gadi, a ce ku goma sha biyar, Mmanki ta soya shi ya soyu ƙarau yadda ba zai lalace a trotro ba, ki samo ƙananan robobin tekawe iri ɗaya, yanka huɗu ko biyar kowace roba da ɗan yaji a ƙulle gefe, in da hali ki haɗa da sobolo mai sanyi. Ranar da aka koma aiki ki kai da rana tsaka kowa na zaune, ki fara da shi don shi ne babba, ƙofarsa a buɗe, ki miƙa da hannun dama, su ma kamar mu ne ba a ba su abu da hagu, ki ce naman sallah ne daga gidanmu na kawo wa kowa. Kar ki ce komai game da sabis ko riƙewa, ko da wasa. Nasa kar ya bambanta da na sauran, in kin ƙara masa yanka biyu don girma ba laifi, amma ba cinya guda a kula ba. Sauran 'yan sabis biyar ɗin su ma ki ba su da hannunki, wannan shi zai kashe duk wata magana.

Abu ɗaya, wasu kiristocin ba sa cin naman layya saboda cocinsu, wani kuma likita ya hana shi jan nama. Ki ɗan tambayi sakatariya tun kafin ranar, ita ta san abin da yake ci. In ba ya ci, cakulan Golden Tree ɗin nan na Tema ko ɗan kwandon lemu da abarba ya wadatar, abin da zai iya ajiyewa a tebur kowa ya ɗiba. In ya ce a'a ya gode, ki ce to ba komai ki wuce, kar ki nace irin namu na sai ka karɓa.

Godiyar koya miki aiki kuma ki adana ta sai sunaye sun fito, ko an riƙe ki ko ba a riƙe ki ba. A lokacin ku shida ku haɗa, ko sidi 50 kowa, ku sayi abu na tebur, dayari mai kyau da biro ko kwandon Bolga, da kati kowa ya sa hannu, ku ba shi ranar sallama a gaban ma'aikata. Ke kuma ki rubuta masa 'yar wasiƙa ki ambaci takamaiman abin da ya koya miki, irin wannan suna ajiyewa shekaru. In disamba ta zo kuka ce hamfa za ku haɗa, ku leƙa cikinta, na kanti sau da yawa akwai kwalbar giya a ciki.

Wuri ɗaya ne kuɗi ke shiga ba a zarge ki, in an yi masa rasuwa, Allah ya kiyaye. Su suna da nsawa, ana zuwa tebur a wurin makoki a ba da gudummawa a rubuta suna a ba ki rasit, har a faɗa a lasifika. Nan ki bi 'yan ofis ku bayar da sunan ofis, ki sa baƙi ko abin da suka ce a sa, kin fita haƙƙi. Gidansa kuwa kar ki je ke kaɗai da sunan kai kaya, ko da sallah ko ba sallah.

Ki gaya wa Mmanki tun yanzu ta ware miki tsoka daga cinya kafin yara su gama da ita, kuma robobin ki saya a Nima wannan satin, ana gobe sallah tsada suke yi. Ki kira ni in kin ji abin da sakatariyar ta ce.