Kafin ka sayi sabon fad saboda maɓalli biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun da na yi haɗarin babur hannuna na hagu ya raunana. Ina iya juya sandar fad da babban yatsa, amma ba na iya riƙe wani maɓalli ina danna wani. PS5 gare ni, kuma ƙwallo da gem ɗin harbi na fi bugawa. Wani ya ce in sayi DualSense Edge mai maɓallan baya. In saya? — Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Ka dakata da sayen nan tukuna. Maɓallan bayan DualSense Edge kowanne aikin maɓalli ɗaya kawai yake ɗauka, ba ya haɗa biyu. Idan yatsun da ke bayan fad ɗin suna da ƙarfi zai taimaka, idan kuwa su ma sun raunana, kuɗi ne mai yawa ka zubar.

Danna biyu iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai inda ake riƙe ɗaya sannan a danna na biyu, kamar riƙe L2 don saiti a harba da R2, ko riƙe L1 a danna alwatika don ɗaga ƙwallo ta saman 'yan baya. Akwai kuma inda ake dannawa tare a lokaci guda, kamar L3 da R3 a God of War. Ka ɗauki takarda, ka buga wasa ɗaya, ka rubuta duk inda hannunka ya gaza da irin da ya faɗa. Galibi na farkon ya fi yawa, shi ne kuma mai arha.

A gem ɗin harbi, shiga saitin gem ɗin kansa ka nemi inda aka rubuta Hold, ka mayar da shi Toggle. Daga nan sau ɗaya za ka taɓa L2 saiti ya tsaya da kansa, ka harba da R2 yadda kake so, ka sake taɓa L2 ya sauka. Haka ma gudu da durƙuso. The Last of Us Part II na 2020 yana da wannan, manyan gem da yawa na bayansa ma haka. Illarsa mantuwa ce: in ka ga ɗan wasanka yana tafiyar hawainiya, kyamara ta matso kafaɗarsa, saitin ne ka bari a kunne.

Na'urar ma tana da nata, a Settings > Accessibility > Controllers > Custom Button Assignments, sai dai mutane suna ɗora masa abin da ba zai iya ba. Musanya kawai yake yi. Kana iya kai aikin L2 kan R1 don ya dawo hannun dama, amma aikin R1 sai ya koma inda ka baro. Kuma gem bai san ka canza ba, allo zai ci gaba da cewa danna L2 alhali R1 ake nufi. A ƙwallo abin ya fi matsewa, domin duk maɓallan gefen dama suna da aiki. A nan gara ka gwada tsarin Two Button ko One Button da ke cikin EA Sports FC, inda gem yake zaɓar irin bugun gwargwadon inda kake. Za ka rasa wasu gwaninta, ba na ɓoye maka.

Idan bayan wannan takardarka tana nan da sauran wuraren dannawa tare, to lokacin kashe kuɗi ya yi, kuma Access controller na Sony nake ba ka shawara, wanda ya fito a Disamba 2023. Yana barin ka ɗora umarni biyu a kan maɓalli ɗaya, L3 da R3 su fita da taɓawa guda. Yana kuma mayar da riƙewa ta zama kunna-da-kashe ko da gem bai tanada ba, wato L1 ɗin ƙwallon nan ya samu magani. Yana da ramuka huɗu na milimita 3.5 da za ka jona maɓallin ƙafa, ƙafarka ta karɓi aikin hannun hagu. Amma sanda ɗaya ce da shi, gem ɗin harbi kuwa biyu yake so, don haka za ka haɗa shi da fad ɗinka na yanzu su yi aiki tare. Kada ka sayar da tsohon.

Abu ɗaya game da kasuwa: akwai fad marasa suna da ake tallatawa da cewa suna haɗa danne-danne. Ba kowane fad ne gem ɗin PS5 yake karɓa ba, har na PS4 ma a gem ɗin PS4 kaɗai yake aiki. Ka sa mai shago ya jona shi a PS5, ya buɗe gem ɗin da kake bugawa a gabanka, ka gwada da hannunka kafin ka biya.