Bidiyona na yawo a guruf-guruf, ta yaya zan san ko yana aiki?

Tambaya: Na haɗa gajeren bidiyo na tallan wani kwas da nake koyarwa ta intanet, na tura shi guruf uku na WhatsApp da link ɗin shafin rajista a ƙasansa. Mutane na ta ce min sun gani, amma a Google Analytics ba na ganin WhatsApp ko kaɗan, komai Direct yake nunawa. Akwai hanyar da zan gane ko bidiyon ne ke kawo mutane, kuma wane guruf ne ya fi?

Amsa: Akwai, amma sai ka haƙura da abu ɗaya tun farko. Yawan waɗanda suka kalli bidiyon da aka ɗora kai tsaye a WhatsApp ba zai taɓa zuwa hannunka ba. Saƙonnin a rufe suke daga wayar mai turawa zuwa wayar mai karɓa, kuma da zarar wani ya tura shi gaba, kwafin ya fita daga idonka. Iyakar abin da za ka samu shi ne jerin waɗanda suka buɗe saƙonka a guruf ɗin da kai ka tura, wannan kuwa ba ya nufin sun kalla. Abin da ake iya aunawa shi ne abin da mutane suka yi bayan sun kalla, kuma shi ya fi maka amfani ma.

Dalilin Direct ɗin nan mai sauƙi ne. Idan mutum ya danna link daga wani shafin intanet, burauzarsa kan gaya wa shafinka inda ya fito. Idan daga cikin manhajar hira ya danna, galibi ba a aiko wannan bayanin, sai Analytics ya jefa shi kwando ɗaya da wanda ya rubuta adireshin da hannunsa. Maganin farko shi ne ka rubuta asalin a jikin link ɗin da kanka, kowane guruf da nasa:

```
https://example.com/rajista?utm_source=whatsapp&utm_medium=group&utm_campaign=bidiyo1&utm_content=a
```

Guruf na biyu ya samu `utm_content=b`, na uku `c`. Ka riƙe ƙananan baƙaƙe ko'ina, domin Analytics na ɗaukar `WhatsApp` da `whatsapp` a matsayin abu biyu daban. Ka kuma sani cewa wannan alama tana aiki ne a shafin da kai ka sa masa Analytics. In ka liƙa ta a link ɗin YouTube, ba za ka ga tasirinta a YouTube Studio ba.

Mafi yawan mutane a nan suke tsayawa, kuma a nan ne lissafinsu ke yoyo. Link ɗin yana cikin rubutun da ke ƙasan bidiyo, rubutun kuwa shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Wani zai cire shi lokacin turawa, wani zai sauke bidiyon a wayarsa ya sake ɗorawa a status tsirara. Don haka alamar dole ta shiga cikin hoton bidiyon kansa. Ka fitar da kwafi uku na bidiyon, iri ɗaya sak, bambancinsu kawai gajeren adireshin da ke rubuce a fuska: `example.com/a`, `example.com/b`, `example.com/c`. Kowanne ka saita shi ya karkatar da mutum zuwa dogon link ɗinsa. Karkatarwar ta zama 302, wato ta wucin gadi, domin burauza kan haddace 301, wato ta dindindin, ta daina tambayar sabarka, sai ƙidayar da ake yi a sabar ta ragu. Adireshin ya zauna a fuskar bidiyon tun daga tsakiya, kada ka ajiye shi sai daƙiƙa biyun ƙarshe da mutane da yawa ba sa kaiwa. In ta WhatsApp ake maka magana maimakon shafi, haka dabarar take: a ce "turo kalmar ALIF" a kwafi ɗaya, "turo kalmar BA" a ɗayan, ko link ɗin `wa.me` mai `?text=` da ke cika saƙon da kalmar tun kafin mutum ya tura.

Duk da haka wasu za su kalla yau, jibi su nemi sunan kwas ɗin a Google ko su rubuta babban adireshin shafinka. Waɗannan ba su ɗauke da wata alama, sai dai a kamo su ta hanyar lokaci. Kafin ka tura komai, duba makonni huɗu da suka wuce ka ga baƙi nawa ke zuwa ta Direct kowace rana, da iyakar hawa da saukarsu. Sannan kada ka tura wa guruf uku rana ɗaya. Ka ba da tazarar kwana uku ko huɗu tsakaninsu, kuma a waɗannan kwanakin kada ka yi wani talla a wani wuri.

Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don a ga lissafin. A ce Direct ɗinka 40 ne a rana, yana yawo tsakanin 32 da 50. Ranar Litinin ka tura kwafin `a`. Cikin kwana biyu mutum 55 suka shigo da alamar `a`, Direct kuma ya kai 70 a ranar farko, 62 a ta biyu. Rarar ita ce 30 da 22, wato 52. Kenan bidiyon ya kawo kusan mutum 107, kuma alamar rabinsu kawai ta kama. Ranar Alhamis ka tura `b`: mutum 12 da alama, Direct 46 da 44. Kada ka ƙara waɗannan 6 da 4 a lissafin `b`, domin suna cikin hawa da saukar da shafin ya saba yi ko babu bidiyo. Guruf na biyu ya kawo 12, shi ke nan. Daga nan sai ka duba cikin 55 da 12 ɗin nawa suka yi rajista, don guruf mai kawo mutum 12 takwas su biya ya fi mai kawo 55 uku su biya.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafi. Na farko, alamar `a` tana nuna inda bidiyon ya fara tafiya ne kawai. Idan bayan kwana goma har yanzu `a` na kawo mutane, ko adadinsu ya zarce yawan 'yan guruf ɗin, to kwafin ya tsallaka wasu wurare, kuma yabon na waɗanda suka tura shi gaba ne. Wannan labari ne mai daɗi, sai dai yana nufin wutsiyar `a` na iya shiga kwanakin `b` ta kumbura Direct ɗinsa, don haka in ka ga `a` bai lafa ba, ka jinkirta na biyun. Na biyu, manhajojin hira kan ziyarci link da kansu don ɗauko ɗan hoton da ke bayyana a saƙo. Wasu masu gajarta link suna ƙidaya wannan a matsayin danni. Alamarsa ita ce ka ga danni ya shigo a daƙiƙar da ka liƙa link ɗin, tun kafin ka tura, ko ƙidayar mai gajartawa ta fi ta Analytics nesa ba kusa ba. In sun saɓa, ni na fi yarda da Analytics, ko da yake shi ma yana rasa masu toshe shi da waɗanda suka fita kafin shafi ya gama buɗewa.

In lallai kana son adadin kallo, sai ka daina ɗora fayil ɗin, ka sa kwafi uku a YouTube a matsayin Unlisted, wato sai mai link ne zai gan su, ka tura link ɗin kowanne ga guruf ɗinsa. Za ka ga kallo da minti nawa aka kalla na kowane kwafi. Farashinsa shi ne mutane sun fi kunna bidiyon da ke cikin hira, sun fi kuma tura shi gaba, fiye da link ɗin da zai fitar da su waje. Tunda rajista kake nema, ni zan bar fayil ɗin da adireshi a fuskarsa, in ƙara tambaya ɗaya a fom ɗin rajista: "A ina ka ji labarin kwas ɗin nan?", da "bidiyo a WhatsApp" cikin zaɓuɓɓuka. Amsoshinta ne za su nuna maka ko rarar 52 ɗin can ta bidiyon ce da gaske.