Yadda Ake Tunin Bashi Ba a Ɓata da Mai Hulɗa Ba

"Maigida, makarantar nan da muka kai wa benci har yau ba su cika mana kuɗi ba, ka kuma ce in riƙa tuna musu ta waya. Me zan rubuta da ba zai zama rashin kunya ba, kuma ba za su raina mu ba?"

Ɗana, kafin ka taɓa waya buɗe littafi. Benci 40 muka yi musu, kowanne naira 25,000, miliyan ɗaya ke nan. Sun ba da kafin alƙalami 600,000, saura 400,000, aka yi alkawarin 30 ga wata. Duk saƙon da za ka aika sai adadin kuɗin da ranar alkawarin sun fito a ciki. Wanda ya rubuta "Alhaji, ya maganarmu?" amsar da zai samu ita ce "in sha Allahu", shi ke nan an wuce wajen. Kuma ka aika wa mai makarantar kansa, ko akantansu, domin hedimasta ba shi ke sa hannu a fitar da kuɗi ba.

Na farko yana tafiya kwana biyu bayan ranar alkawari, ka ɗauka mantuwa ce:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da aiki. Muna tuni ne kan cikon kuɗin benci 40, naira 400,000, da aka yi alkawari ranar 30 ga wata. Ga hoton rasit da lambar asusu. Mun gode."

Kada ka sa ban haƙuri a ciki. "A yi haƙuri da damu" yana mai da haƙƙinka kamar roƙo.

Bayan mako guda, idan shiru, sai na biyu. Wannan ne ya fi kowanne aiki, domin a nan kake sa shi ya yanka rana da bakinsa:

"Ranka ya daɗe, har yanzu cikon 400,000 bai shigo ba, yau kwana tara da wucewar alkawari. Mu ma akwai kuɗin katako a kanmu a Na'ibawa. Don Allah a faɗa mana ranar da za a biya. Idan ba zai yiwu gaba ɗaya ba, a faɗi abin da za a fara bayarwa."

Daga amsarsa za ka gane da wa kake hulɗa. Wanda da gaske ba shi da shi yana ɗaga waya, yana faɗin dalili, ya ce ga 150,000 yanzu, saura sai ɗalibai sun biya kuɗin sabon zango. Makarantun kuɗi haka suke, aljihunsu a makonnin farko na zango yake cika. Irin wannan ka sassauta masa, Allah ma ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, a Suratul Baƙara aya ta 280. Sai dai ka rubuta masa nan take: "Mun amince, 150,000 yau, 250,000 ranar kaza," ka nemi ya amsa da "na yarda". In ta baki kuka yi, a waya ko a ofis, kana fitowa ka aika masa abin da aka tsayar a rubuce. Wanda kuwa yake karanta saƙo ya yi gum, ko kullum "Alhaji ya yi tafiya", alhali ana ta fentin sabon gini a makarantar, wannan yana da shi. A kansa hadisi ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Amma wannan don saninka ne, kada ka rubuta masa wa'azi, zai zama faɗa.

Shi ake aika wa na uku, bayan wani makon:

"Ranka ya daɗe, wannan tuni na uku ne kan naira 400,000. Muna roƙon a biya zuwa ranar 25 ga wata. Kafin nan mun dakatar da aikin tebura da aka yi mana magana."

Ka lura gaisuwar ba ta ragu ba, wa'adi ne ya shigo. Kuma abin da ka ce za ka yi, ka yi shi. In ka ce an dakatar da aiki, gobe aka ga kana fiƙe katakon teburansu, saƙonka na gaba ba wanda zai karanta.

Idan wa'adin ya wuce, waya ta gama nata. Ni zan je da kaina tare da dattijon da ya haɗa mu da su, riƙe da takarda mai kwanan wata da sa hannuna, mai faɗin adadin kuɗin da wa'adin ƙarshe na kwana 14. A bar musu ɗaya, su sa hannu a ɗaya mu dawo da ita. Kotun ƙananan basussuka da ke kotunan majistare na Kano tana neman a nuna an aika takardar neman biya kafin a shigar da ƙara, shi ya sa ba ka goge ko saƙo ɗaya. Ba zagi, ba ɗora sunansa a WhatsApp jama'a su gani, ba kiran ƴan sanda, domin bashin ciniki ba aikinsu ba ne. Rubuta na farkon yanzu, ka kawo in duba kafin ka tura.