Sabuwar sifika ta ƙi magana: kebul zan sake, ko in mayar da ita?

Tambaya: Na sayi doguwar sifikar nan ta talabijin, wadda 'yan kasuwa ke kira sawunba, a wajen Taminus. Na jona ta da kebul na HDMI, tana kawo wuta amma shiru kake ji. Mai shagon ya ce in sayi kebul mai tsada. In saya, ko in mayar masa da kayansa? Daga wani magidanci a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Fara da gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba: danna maɓallin Source ko Input na rimot ɗin sifikar har ka ga BT, ka haɗa ta da wayarka ta bulutut, ka kunna karatu ko labarai. Idan ta yi magana, da alama lafiyarta ƙalau, ka ajiye zancen mayarwa tukuna. Idan a nan ma shiru bayan ka ƙara murya, to ka kama hanyar shago da rasit ɗinka.

Inda na fi zargi shi ne ramin da ka soka kebul ɗin. Ramukan HDMI na bayan talabijin an yi su ne don karɓar hoto da sauti daga dikoda, ba don fitarwa ba. Yawanci guda ɗaya tak ke iya mayar da sauti waje, kuma an rubuta ARC ko eARC a gefensa da ƙananan haruffa. Haska da tocilan ka neme shi. Sau da yawa mai haɗa dish ya riga ya cusa dikoda a nan, don shi duk ramin da ya kawo hoto ya biya masa buƙata. Cire dikodar ka mayar da ita wani ramin. Ita ma sifikar, in tana da ramuka biyu, wanda aka rubuta wa HDMI OUT ko TV ARC shi ne naka, ba HDMI IN ba.

Daga nan ka dawo da sifikar daga BT zuwa ARC, wasu kuma D.IN suke nunawa. Sai ka shiga Settings na talabijin, ɓangaren Sound, ka sauya Sound Output daga TV Speaker zuwa sifikar. In ba ta fito a jerin ba, akwai wani saiti mai suna HDMI-CEC da ARC ke dogara da shi, kuma kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa: Anynet+ a Samsung, SIMPLINK a LG, BRAVIA Sync a Sony. Kunna shi, ka zare duka na'urorin biyu daga soket na minti ɗaya, sannan ka mayar. Wannan zarewar ka riƙe ta, domin bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, wani lokaci sukan kasa gane juna sai an yi musu haka.

Kada ka raina Mute. Wuri uku yake: talabijin, sifika, da dikoda, kowanne da nasa. A gidan da rimot ke yawo a hannun yara, na sha tarar da muryar dikoda a sifili ana ta ɗora wa sifika laifi.

In komai ya zauna daidai, har sunan sifikar ya fito a allo amma babu sauti, ko wata tasha ta yi magana wata ta yi gum, nemi Digital Audio Output ka mayar da shi PCM. Talabijin ce ke turo sautin a wani tsari, kamar DTS, da ƙananan sifiku da yawa ba sa iya karantawa. PCM kuwa kowace na ji.

Sai yanzu muka iso kan kebul, kuma mai shagon yana da ɗan kamshin gaskiya. Bakin HDMI fil 19 ne, kuma layin da ARC ke bi daban yake da na hoto, don haka kebul marar kyau zai iya nuna hoto tas ya kasa dawo da sauti. Amma ari na dikoda ko na maƙwabci ka gwada kafin ka saya. In na aron ya yi aiki, sayi na talakawa mai rubutun High Speed, mita ɗaya da rabi ko biyu ya isa. Bakin zinare ba ya ƙara wa sauti komai.

Idan kuwa ka duba talabijin ɗinka kaf babu ARC, ko kebul na nawa ka saya ba zai yi ba. Nemi ƙaramin rami mai suna Optical ko Digital Audio Out, ka sayi kebul ɗinsa, ka cire 'yar hular roba da ke kowane baki, ka tura har ya ce ƙas. Talabijin na kunne za ka ga jan haske a ɗaya bakin, alamar tana turowa ke nan. Sa sifikar a OPT ko D.IN, ka zaɓi Optical a Sound Output. Ramukan ja da fari da ke ƙarƙashin AV IN kuma ka bar su, shiga suke yi ba fita ba.