Maimaita `nonce` da makulli ɗaya: ina haɗarin yake?

Tambaya: Malam, ina rubuta manhajar da ke rufe saƙonni da AES-GCM. Na saka `nonce` guda ɗaya a cikin manhajar ina ta amfani da shi, tunda makullin yana ɓoye. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, babba ma kuwa, don mai kutse ba ya buƙatar makullinka. AES-GCM yana haɗa makulli da `nonce`, wato lambar da aka yi don amfani sau ɗaya tak, ya fitar da jerin lambobi, sai ya gauraya su da saƙonka ta lissafin XOR, wanda ake rubutawa da alamar ^. Muddin makulli da `nonce` ba su canja ba, jerin nan ɗaya zai riƙa fitowa kullum.

Ka ɗauka saƙo na farko "BIYA 100" ne, na biyu "BIYA 900". A cikin kwamfuta alamar 1 ita ce 0x31, alamar 9 kuma 0x39. A ce lambar jerin da ta faɗo a wannan gurbi 0x5A ce:

```
0x31 ^ 0x5A = 0x6B
0x39 ^ 0x5A = 0x63
0x6B ^ 0x63 = 0x08
```

Layi na uku shi ne aikin mai kutse. Ya haɗa rufaffun saƙonnin biyu, 0x5A ta soke kanta, saura 0x08, wato bambancin saƙonnin na asali. In ya san na farko, ko ya cinka (ai saƙonnin kuɗi duk fasalinsu ɗaya), sai ya haɗa 0x08 da 0x31 ya sami 0x39. Ya karanta 9 ɗinka ke nan.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, a GCM maimaitawar tana iya tona lambar sirrin da ake buga hatimin saƙo da ita, har mutum ya ƙirƙiro saƙon jabu manhajarka ta karɓa. Tilasta maimaita `nonce` ne ma tushen harin KRACK da Mathy Vanhoef ya bayyana kan WPA2, tsarin tsaron Wi-Fi, a 2017.

Gyaran ba wuya. Kowane saƙo ka ba shi sabon `nonce` mai bayit 12, daga injin bazuwar da aka gina don tsaro:

```python
import os
nonce = os.urandom(12)
```

Kada ka yi amfani da `random` na Python ko agogon waya. Shi `nonce` ba sirri ba ne, ka ajiye shi a gaban rufaffen saƙon. Iyakar da NIST, hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, ta sa wa wannan hanya ita ce saƙo 2^32 kan makulli ɗaya, kusan biliyan 4.3, kafin nan a sauya makulli. Mai saƙonni fiye da haka ya koma XChaCha20-Poly1305, mai `nonce` na bayit 24.

Ƙidayar 1, 2, 3 ma tana aiki, amma ban cika ba da shawararta ba: wuta ta ɗauke ƙidaya ta koma sifili, ko sabar biyu su riƙe makulli ɗaya, an maimaita.

Tsofaffin bayananka kuwa, ka buɗe su ka sake rufewa da sabon makulli, ka daina amfani da tsohon.