Shin sata a jini take? Amsa ga mai neman shawara kan auren ƙanwarsa

Tambaya: "Salamu alaikum ƴan'uwa. Wani yaro a nan Tawa yana neman auren ƙanwata. Ba mu san shi da wani mugun hali ba, amma mahaifinsa ya taɓa zaman kaso saboda sata. Baffanmu ya ce sam, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har ya ce likitocin Turawa ma sun tabbatar sata a jini take. Don Allah gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi shekaru a Yamai ina aiki da yaran da shari'a ta kama, ni ne mai zuwa gidajensu in ga yadda suke zaune, in rubuta wa alƙali rahoto kafin ya yanke hukunci. Saboda haka maganar baffanka na ji ta daga bakin iyaye, na ji ta daga bakin jandarma, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma na taɓa rubuta ta da hannuna. Zan dawo kan wannan a ƙasa.

Baffa bai ƙago maganar ba. Akwai likitan da ya faɗe ta, wani ɗan Italiya mai suna Cesare Lombroso, a shekarar 1876. Shi cewa ya yi ana haihuwar mutum da laifi, kuma ana gane shi ta ƙirar kai da muƙamuƙi da kunne. Sai a 1913 wani likitan gidan kaso a Ingila, Charles Goring, ya fitar da sakamakon awon fursunoni wajen 3,000 da ya kwatanta da sojoji da ɗaliban jami'a, bai ga wata ƙira ta daban da ta raba ɓarawo da sauran mutane ba. Maganar Lombroso ta faɗi tun tuni, ba sai mun ɓata lokaci a kanta ba.

Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne binciken da aka yi kan ƴaƴan riƙo a ƙasar Danmak. Ka san matsalar tana nan: idan ɗan ɓarawo ya yi sata, ba ka da hanyar sanin jini ne ko kuwa abin da ya tashi yana gani ne, tunda uban da ya ba shi jini shi ne ya ba shi tarbiyya. To a Danmak akwai yaran da aka raba da iyayensu tun suna ƙanana aka ba wa bare, kuma ƙasar tana ajiye takardu sosai. Sarnoff Mednick da abokan aikinsa suka bi takardun ƴan riƙo 14,427 da aka bayar tsakanin 1924 da 1947, suka duba wa kotu ta taɓa samu da laifi a cikin yaran, da iyayen da suka haife su, da waɗanda suka riƙe su. A 1984 suka fitar da sakamako.

Mu ɗauki ƴaƴa maza, mu ƙirga da ɗari ɗari don ya zo da sauƙi. Inda babu mai laifi ko a iyayen jini ko a na riƙo, kashi 13.5 cikin ɗari na yaran kotu ta same su da laifi bayan sun girma. Inda masu riƙon ne ke da laifi amma iyayen jini ba su da shi, 14.7. Inda iyayen jini ne ke da laifi amma gidan riƙo babu, sai ya hau zuwa 20. Inda aka haɗa biyun, 24.5.

Da baffa ya ga wannan zai ce ka gani ko, kuma yana da ɗan abin kamawa, don daga 13.5 zuwa 20 ba banza ba ne. Masana ba sa musun cewa akwai abin da ake gado. Amma ka juya lissafin ta ɗaya gefen. A cikin yara ɗari da mahaifi ko mahaifiya ya taɓa yin laifi, aka rene su a gidan da babu laifi, tamanin ba su taɓa samun hukuncin kotu ba. Ko waɗanda jini da gida duka suka haɗu musu, uku cikin huɗu sun tsira. Wato da za ka tara samari ɗari irin mai neman ƙanwarka ka kore su duka saboda ubansu, ka kori wajen tamanin a kan abin da ba su yi ba. Kuma ƴaƴan mutanen kirkin da ka buɗe wa ƙofa, a cikinsu ma akwai sha uku zuwa sha huɗu da za su ga alƙali. Bambancin da ake ta magana a kai bai wuce mutum shida ko bakwai a ɗari ba. Irin wannan yana da amfani ga mai nazarin dubban mutane, amma ba ya gaya maka komai kan mutum ɗaya da ke tsaye a zaurenku.

Su ma shida ko bakwai ɗin, masana na yanzu ba sa saurin ce musu jini. Abin da aka ƙirga hukuncin kotu ne, ba aikata laifi ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a kwamisariya ya san waɗannan abu biyu ne. Yaron da ya ɗauki waya a kasuwar Katako yana kwana a tsare a ranar. Wanda ya cinye kuɗin ofis da biro sau da yawa ko sunansa ba ya shiga littafi. Yaron gidan da ke da mai faɗa a ji, ana sasantawa a zaure kafin magana ta kai ga hukuma. Sannan ɗan riƙo ba ya zuwa sabon gida fari fat kamar allon da aka wanke. Ya yi wata tara a cikin uwarsa, kuma in tana fama da yunwa ko tana shaye-shaye, wannan yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri ba tare da ya zama gado ba. Wasu yaran kuma sun jima a gidan marayu kafin a samu mai ɗauka. Wani abin kuma da mutane ke tsallakewa: alaƙar da aka gani a Danmak ta laifin dukiya ce, a laifin duka da kisa ba a gan ta ba.

To me ake gada ke nan? Babu wata ƙwayar halitta mai suna sata, don sata doka ce ta ba ta suna, kuma abin da ake kamawa a kai a wata ƙasa a wata ba laifi ba ne. Abin da ake gani yana bin dangi shi ne irin saurin fushi, da gaggawa, da son kasada, da saurin kamuwa da shaye-shaye. Mai son kasadar nan yana iya zama ɓarawo, yana iya zama direban da ke ratsa sahara zuwa Agadas, ko ɗan kokowa. Ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke haɗuwa a irin wannan hali, kowace da ɗan tasirinta ƙanƙane.

Ga yadda masana suka taɓa ƙonewa, shi ya sa suke taka-tsantsan. A 1965 wasu masu bincike a Sikotland suka gwada maza 197 a wani asibitin da ake tsare masu laifi masu taɓin hankali, suka samu bakwai suna da abin da ake kira XYY, wato ƙarin Y ɗaya kan na sauran maza, Y kuwa ita ce ƙwayar gadon da ke sa jariri ya zama namiji. A cikin jama'a kuwa kusan namiji ɗaya cikin dubu ne ke da shi. Jaridu suka ɗauka, wai an gano jinin kisa. Sai a 1976 aka sake gwajin a Danmak, wannan karon ba a cikin masu tsare ba, a cikin dogayen maza na gari sama da 4,000. Aka samu sha biyu masu XYY. An fi samun su da hukuncin kotu, amma yawanci kan dukiya ne ba zub da jini ba, kuma masu binciken sun danganta abin da raunin fahimta. Kuskuren farko shi ne an leƙa cikin kaso kawai. Wanda ya tsaya a ƙofar asibiti yana ƙirga, zai rantse duk garin ba mai lafiya. Idan wani ya zo maka da irin wannan labari, tambayi abu ɗaya: da su wa aka kwatanta, kuma nawa ne masu wannan alama da ke zaune lafiya a gidajensu?

Kuma irin wannan magana ta taɓa cin mutane. A Amurka an yi wa sama da mutum 60,000 aikin hana haihuwa bisa tilas da sunan tsabtace zuri'a, kotun ƙolinsu ma ta amince a 1927.

Yanzu nawa kuskuren. A farkon aikina aka ba ni takardun wani yaro ɗan shekara sha huɗu da aka kama da batirin mota. Na je gidansu, maƙwabciya ta ce ai ubansa ma haka yake, yana kaso. Na dawo na rubuta a rahoto cewa abin na gida ne. Wata tsohuwar ma'aikaciya da muke ofis ɗaya ta karanta, ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, tun yaushe aka kama uban?" Ban sani ba. Na koma. Ashe shekara biyu ke nan. Wata uku bayan kamun aka fitar da su daga gidan haya, yaron ya bar lakwal ya koma tura baro, ƴan unguwa suka hana ƴaƴansu wasa da shi, sai manyan yaran tasha ne suka karɓe shi. Kafin nan malaminsa ya ce ko alli bai taɓa ɗauka ba. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kawunsu ya ɗauka ya sa shi koyon walda, shi ba a taɓa jin kansa ba. Wannan labarin gida ɗaya ne, ba hujjar ilimi ba ce, amma ya nuna mini hanyar da laifin uba ke bi ya isa ga ɗa ba tare da ya shiga jijiya ba.

Saboda haka ku yi bincikenku na aure yadda aka saba, amma kan yaron. Wa ya rene shi lokacin da uban ke tsare, kuma shekararsa nawa a lokacin? Ku je wajen maigidansa na sana'a ku ji ko ana bar masa kuɗi da makulli. Ku tambayi waɗanda suka taɓa ba shi bashi, da ƴan fadarsu ta shayi, da waɗanda suka yi tafiyar bida tare da shi in ya taɓa zuwa, don a can ake ganin hali. Ku duba shaye-shaye da yadda yake yi in ransa ya ɓaci. A aikinmu, abin da ya fi nuna inda saurayi ya dosa shi ne abin da shi kansa ya riga ya aikata, musamman in ya fara tun yana ƙarami. Wanda ya kai shekarun aure unguwa ba ta da abin faɗa a kansa, alhali idon kowa na kansa saboda ubansa, ya riga ya wuce shekarun da aka fi faɗawa laifi, don abin ya fi yawa daga balaga zuwa farkon shekara ashirin, daga nan yana raguwa.

Baffa kuwa kada ka je masa da lissafin Danmak, ba zai saurare ka ba. Ka roƙe shi ya zaɓi mutum biyu da ya yarda da su, su yi binciken, su kawo masa abin da suka samu.